Tsagar da Ba Ta Bin Fuska

Bidiyon bai kai tsawon tafasar ruwan shayi ba. An ɗauke shi da wata 'yar waya, a zamanin da wayoyi suke da madannai, ranar walimar sallamar wani ma'aikaci a sakatariya. A cikinsa Baba Bitrus ne, da sauran baƙin gashi a kansa, yana rawa riƙe da hannun matarsa Lami. Bidiyon nan kaɗai ya rage a duniya wanda Lami take motsi a ciki. Hotunanta na kati suna nan da yawa, amma duk a tsaye take ƙiƙam ta ɗaure fuska, yadda mutanen da suke yi in an ce za a ɗauke su.

'Yarsu Rahila, nas ce a asibitin koyarwa, ita ta tsinci bidiyon a intanet. Ɗan wani tsohon abokin aikin babanta ne ya ɗora shi. Lami ta shekara goma da rasuwa, kuma ana shirin sujadar godiya da tunawa da ita a cocinsu, inda Baba Bitrus yake cikin dattawa. Dangin Lami za su taso daga kudancin Kaduna. Rahila ta ƙudura a ranta sai an nuna uwarta tana rawa a babban allon coci.

Da ta tashi daga aiki ta tsallaka titi zuwa shagon Haisam a Gyadi-Gyadi. Haisam mai ɗaukar bidiyon biki ne da tace shi. Shagonsa yana tsakanin wani kemis da mai sayar da fulas da bokitai na masu jinya. Akwai wani ƙadangare mai guntun bindi da yake kwanciya a kan kwamfutarsa saboda ɗumi, in aiki ya yi nauyi fankar kwamfutar ta kama kuka sai ya ɗaga kai yana gyaɗawa, kamar ya yarda da abin da ake yi.

Rahila ta tura masa bidiyon, ta ce ya wanke mata shi tas.

Wannan kalma ta wanki ita ta jawo komai. Rahila ta taso tana jin ana cewa an kai hoto wanki, sai ta ɗauka fuskar uwarta tana nan lafiya lau a ƙarƙashin wata dauɗa, a cuɗa kawai ta fito. Haisam ya buɗe bidiyon a kwamfuta, ga shi nan ɗan mitsitsi a tsakiyar allo kamar kan sarki. Ya yi mata bayani cewa ba dauɗa ba ce. Hoto ɗigo-ɗigo ne, kuma waccan wayar ɗigonta kaɗan ne, kamar tabarmar da aka saƙa da kaba mai faɗi, ba za a iya zana ƙaramin abu a kanta ba. Bayan haka, don kada bidiyo ya cika waya, ana raba hoton gida-gida kamar gidan dara, a shafe ƙananan abubuwan da ke cikin kowane gida. Wannan kuma da ta kawo an ɗora shi an sauke, an sake ɗorawa, kowane zuwa ana ƙara matse shi. Abin da aka zubar ba ya ɓoye a ko'ina, ya tafi.

Ya ɗan ƙara masa girma, ya lallaɓa shi, ya nuna mata. Ta duba ta ce ita ba ta ga wanki ba. Ta ce ya yanke ƙasan da gefe, ya jawo fuskokin su cika allo, ƙafafun mutane da kujerun roba ba su ta zo gani ba. Ya yanke. Fuskar Lami ta zama kamar an kalle ta ta cikin ruwan koko. Rahila ta hango wani ɗan maja a gefen allo, irin wanda ake ja gaba ko baya, ta tambayi aikinsa. Ya ce na ƙara kaifi ne. Ta ce to ai shi take nema tun ɗazu.

Haisam ya gaya mata kaifi ba ya nemo komai. Duk inda haske ya haɗu da duhu, sai ya ƙara wa hasken haske, ya ƙara wa duhun duhu, ido ya ɗauka abu ya fito. Kuma bai san bambancin gefen hanci da gefen gidan dara ba, duk ɗaya yake yi musu.

"Haisam, ni fa kullum allura nake yi wa mutane suna cewa ba sa so," in ji Rahila. "Ja shi."

Ya ja kaɗan. Ta ce ya ƙara. Ya ƙara. A ƙarshe ta miƙa hannu ta kama linzamin kwamfutar da kanta ta kai majan bango. Haisam ya ce shi dai ya faɗa, sannan ya tura mata. A 'yar fuskar wayarta abin ya yi rangaɗau, baƙi baƙi, fari fari. Tun a cikin adaidaita sahu ta jefa shi zauren dangi na waya, ta rubuta cewa ga Mama.

Yayar Lami, Mama Comfort, tsohuwar malamar firamare ce da ke zaune a garinsu. Ba ta yarda da ƙaramin allo ba, don haka ta sa aka haɗa mata bidiyon da talabijin, ta sa tabarau ta zauna dab da shi. Abin da ta gani shi ne mace mai tsaga biyu a kumatu, ɗaya kuma a kwance a goshi, da ɗankwali mai farin baki. Lami ba ta da tsaga ko ɗaya. A gidansu ba a yi. Kuma ita ta raba kayan Lami da hannunta, babu ɗankwali mai farin baki a ciki. Namijin kuwa Bitrus ne, wannan ba ta musu, ta gane hularsa da tsawonsa.

Washegari maganar ta gama zaga dangi. An ce ashe Bitrus yana da wata a Kano tun Lami tana da rai, har yana riƙe mata hannu a bainar jama'a a walimar da babu dangi ko ɗaya a wurin. Mama Comfort ta aiko da saƙo cewa babu wanda zai taka ƙafa zuwa sujadar sai Bitrus ya faɗi ko wace ce, kuma ita da kanta tana nan tafe ranar Asabar ta ji daga bakinsa. Rahila ta yi sauri ta tura ɗan ƙaramin da ta tsinta tun farko. Mama Comfort ta ce wannan ai babu fuska a ciki, an dai goge shaida.

Baba Bitrus bai yi faɗa ba. Ya zauna a barandar gidansa a Tarauni, ya kalli bidiyon mai kaifi sau ɗaya, ya miƙa wa Rahila wayarta. Ya ce shi ya san da wa ya yi rawa, amma wannan ta cikin wayar shi ma bai san ta ba. Daren Laraba bai je taron dattawa ba. Ya ce ba zai zauna ana kawo masa ƙarar mazan wasu ba alhali ana yi da shi a gida.

Rahila ta koma shagon Haisam ido jawur. Ta ce ta ji akwai manhajar da take gyara fuska ta fito kamar yau aka ɗauka, a sa mata ita. Haisam ya ce akwai, yana ma da ita, kuma tana da amfani in akwai fuskar da za ta kama. Amma a nan ɗigon da ke fuskar Mama bai taka kara ya karya ba, sauran duk manhajar ce za ta ƙago daga fuskokin mutanen da ta koya da su.

"Za ta ba ki mace kyakkyawa, Sista," ya ce, "da haƙora reras da gashin ido. Sai Mama Comfort ta ce matan Baba sun zama biyu."

Rahila ta yi dariya ba ta shirya ba, sannan ta share ido. Ta ce to yanzu ita ta saki linzami, ya faɗi abin yi. Ya ce a nemo uwar bidiyon, wato wanda ya fito daga wayar kai tsaye kafin a fara matse shi.

Mai wayar shi ne Malam Lawan, tsohon akawu a ofishinsu Baba Bitrus, uban wanda ya ɗora bidiyon a intanet, yana zaune a Unguwa Uku. Mutum ne da ba ya yar da waya in ta mutu. Ya ce abin da ya sha jin sirrinsa ba zai jefa shi bola ba. Ya fito musu da wani babban gwangwanin madara cike da matattun wayoyi, kowace an naɗe ta a tsumma. Suka yi ta ɓare bayansu ɗaya bayan ɗaya, yana ba da tarihin kowace, wadda ta faɗa rijiya da wadda akuya ta taka. A cikin wata mai fasasshen gilashi suka sami memori ɗan ƙarami kamar farce. Malam Lawan ya ce shi zai iya zuwa ya yi shaida da baki. Rahila ta yi godiya, ta ce Mama Comfort ta riga ta ce abokan Bitrus bakinsu ɗaya.

A shago Haisam ya fara kwafe abin da ke memorin ya ajiye gefe, don kada a taɓa na asali. Wannan ma ƙarami ne, amma da aka jera shi da na intanet sai ga bambanci. Gidajen darar ba su yi tsauri ba, kuma ƙasan hoton, wanda a wancan ya zama baƙin taɓo, a nan ana iya ganin siminti da ƙafafu.

Ya yi aikin a hankali, Rahila tana zaune ta harɗe hannu. Da farko ya sassauta gefunan gidajen nan don su daina fitowa. Sannan ya rage ƙaiƙayin da ke rawa a hoton, ta hanyar sa kwamfuta ta gwama kowane hoto da na gabansa da na bayansa. Ya ɗan zarce, sai fuskar Lami ta yi sulɓi kamar kyandir, hannunta kuma yana barin inuwa in ta ɗaga shi. Ya dawo baya har inuwar ta ɓace. Sai bayan nan ya ƙara girman, ninki biyu kacal. Bai yanke komai ba, bai kuma miƙe shi ya cika allo ba, ya ce in an ja shi gefe da gefe Mama za ta yi ƙibar da ba ta taɓa yi ba. Ya ajiye shi a tsakiya, baƙi ya kewaye shi kamar taga. Ya ɗan ɗaga hasken wuraren duhu. Ya yayyafa masa wani ɗan tsaki-tsaki mai laushi, irin na tsohon fim, don kada fata ta zama roba.

Da ya zo kan majan kaifi sai ya dubi Rahila. Ta ce ita ba ta ce komai ba. Ya taɓa shi kaɗan, ya matso da fuskarsa jikin allo. Wani siririn farin zare ya fara fitowa a gefen ɗankwalin. Ya nuna mata, ya ce wannan zaren shi ne alamar an wuce wuri, in ya bayyana to ƙarya ta fara shiga. Ya mayar da majan inda yake, bai bar ko kaɗan ba.

Rahila ta ce har yanzu dishi-dishi ne. Ya ce ta tashi ta koma bakin ƙofa ta kalla. Ta koma. Ta daɗe a can tana kallo, har mai bokitai ya leƙo ya ga ko lafiya.

Ranar Asabar da hantsi Mama Comfort ta iso, da jakarta a hammata. Ta zauna a falo a kujerar da ke fuskantar Baba Bitrus, ta amsa gaisuwarsa a taƙaice. Haisam ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe su, ya haɗa kwamfutarsa da talabijin. Mama Comfort ta tambayi Rahila ko wannan ne mai sana'ar sauya wa mutane fuska. Rahila ta ce a'a, ita ce ta sauya, shi ya hana ta ta ƙi ji.

Haisam ya ce zai fara da wanda ya jawo maganar. Ya buɗe mai kaifin, ya tsayar da shi daidai inda tsagar ta fito sosai. Ya roƙi tsinken sakace, Rahila ta kawo daga kicin. Ya miƙa wa Mama Comfort, ya ce don Allah Mama ta ɗora bakin tsinken a kan tsagar kumatu, kada ta motsa. Ta harare shi, amma ta tashi ta ɗora. Ya saki bidiyon yana tafiya sannu sannu.

Matar ta juya kai, ta gusa hagu. Tsagar ba ta bi ta ba. Ta tsaya nan ƙarƙashin tsinke, tana ɗan ɓacewa tana dawowa, yanzu a kan kunne, can kuma a kan bangon da ke baya. Sai namijin ya juyo cikin rawa, fuskarsa ta shigo wurin. Tsagar ta hau kumatun Baba Bitrus ta zauna daram.

"Yaya," in ji Baba Bitrus a hankali, "ni ma ashe an yi mini ban sani ba."

Mama Comfort ba ta yi dariya ba, ko da yake gefen bakinta ya motsa. Haisam ya yi mata bayanin gidajen dara, ya ce layukansu a jikin hoton suke, ba a jikin mutum ba, kaifi ne ya zana su da baƙi, shi ne kuma ya yi wa ɗankwalin farin baki. Ya nuna mata cewa hular Baba ma tana da wannan farin bakin, har da kujerar roba. Ta saurara kamar mai duba jarrabawa, ta koma ta zauna.

"To, na yarda babu tsaga," ta ce. "Amma mata marasa tsaga sun cika Kano. Rashin tsaga bai mayar da ita Lami ba."

Rahila ta dubi Haisam. Shi kuwa ya san iyakar abin da ke hannunsa, ya kuma faɗa a fili. Ya ce ba zai iya nuna wa Mama ƙwayar ido ko haƙori ba, domin wayar ba ta ɗauka ba, duk wanda ya nuna mata su to zana su ya yi. Abin da zai nuna shi ne iya abin da ya faru a gaban wayar. Ya roƙe ta ta ja kujera baya zuwa jikin bango, ta kuma cire tabaran karatu. Rahila ta saki labule.

Taga ta buɗe a tsakiyar baƙin allo. Ga rumfa, ga kujeru, ga mutane suna tafi. Hoton yana da laushi kamar abin da ake tunawa, babu abin da ke tsalle ko ƙyalli a ciki. Ga doguwar hula, ga mace cikin atamfa mai ruwan ganye, tun daga ɗankwali har ƙasa. Suka yi gaba, suka yi baya. Matar ta juya.

Mama Comfort ta ɗaga hannu ta ce a mayar baya. Haisam ya mayar. Matar ta sake juyawa. Ta ce a ƙara. A karo na uku ta miƙe tsaye, ba fuskar take kallo ba, ƙasa take kallo.

Ta ce su dubi ƙafar hagu. Duk sanda matar za ta juya, ba ta dogara a kan ƙafar hagu, sai ta ɗaga dunduniya ta ja ta a kan yatsu, dama ta ɗauki nauyin. Ta ce suna yara Lami ta faɗo daga kan bishiyar ɗorawa, ita Comfort ce ta tura ta hawa, suka ɓoye wa iyayensu har ƙashin ya haɗe a karkace. A tafiya ba a ganewa, ta koyi ɓoyewa. A rawa ne kawai yake tona ta, shi ya sa ba ta cika yi a gaban mutane ba. Rahila ba ta taɓa jin wannan labari ba. Baba Bitrus ya ce shi an gaya masa cewa salo ne.

Mama Comfort ta zauna, ta ciro gefen mayafi ta rufe fuska. Bidiyon ya ƙare ya sake farawa da kansa, Lami ta sake jan ƙafa, ta sake jefa kai baya tana dariya, dariyar da babu haƙori ko ɗaya da ake gani a ciki amma kowa a falon ya san ta.

Baba Bitrus ya gyara zama, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, abin da bai yi ba duk makon.

"Yaya, ban ji ba. Hannun wa na riƙe?"

Ta sauke mayafin, ta share hanci.

"Hannun ƙanwata ka riƙe, Bitrus. Ka yafe mini." Ta sake duban allon. "Amma dubi yadda kake neman taka ta. Shekara nawa kuna tare ba ka koyi rawa ba."

Baba Bitrus ya yi dariya har da tari. Ya tashi ya kama hannun Haisam da hannu biyu yana girgizawa, ya ce Allah ya yi wa sana'arsa albarka. Haisam ya ce amin, sannan ya ja Rahila gefe ya ce a coci ma kada a bar masu na'ura su miƙe shi ya cika allo, kuma a kashe kaifin da ke cikin na'urar haskawar, don su ma suna da nasu majan. Rahila ta ce duk wanda ya kai hannu wurin, ita da shi ne.

Mama Comfort ta riga ta ciro waya daga jaka. Ta kira ƙaninsu a gida, ta sa a amsa-kuwwa don kowa ya ji. Ta ce ya goge wancan abin daga zauren dangi, ya kuma gaya wa duk wanda ya yi magana a kan Bitrus ya zo ya maimaita a gabanta. Ƙanin ya fara tambayar to wace ce matar.

"Lami ce," ta ce. "Ka nemo mota babba, ƙaramar ba za ta ɗauke mu ba."